Na gyara rufin gidan haya da kuɗina, mai gida ya ce na sace masa kwano

Abban_Ikram: Salamu alaikum 'yan uwa. Wata magana na kawo ku auna mini, don abokaina sun dame ni cewa an cuce ni. Shekara huɗu ke nan ina haya a wani gida a Hotoro, ciki biyu da falo, naira dubu 450 a shekara. Daminar bara rufin ɗakin yara ya fara yoyo. Sau uku ina gaya wa dillalin da ke karɓar haya, kullum sai ya ce zai sanar da Alhaji. Cikin Agusta aka kwana ana ruwa, silin ya rufto a kan katifa, Allah ya tsare yaran suna falo. Da asuba na kira Alhaji da kaina, ya ce mini, "Ka gyara, ma yi lissafi." Na gyara, na kashe dubu 186. Da lokacin biyan haya ya zo na cire kuɗina na tura ciko. Daga nan wuta ta tashi, har ya kira ni ɓarawo a ƙofar masallaci. Wata biyu ba ma gaisawa. A ƙarshe mai unguwa ya zaunar da mu, na karɓi dubu 140 maimakon 186, kuma ba a dunƙule ba. Na yi wauta ne?

Baba_Sheka: Wa alaikumus salam. Kafin a ce ka yi wauta ko ba ka yi ba, dubu 186 ɗin nan me da me aka saya? Ba a yanke hukunci a kan jimla.

Abban_Ikram: Gaskiya ne Baba. Kwano falle 12, kowanne dubu 5 da ɗari 5, dubu 66 ke nan. Katako dubu 28, kusa da kwalta dubu 9, siminti buhu biyu da yashi dubu 22. Kafinta da birkila suka karɓi dubu 35. Sai fentin ɗakin dubu 26, don ruwa ya yi wa bangon zane kamar taswira.

Zee_Kurna: Ni fa ban ga abin tattaunawa a nan ba. Gidansa ne, rufinsa ne, shi ya ce ka gyara. Ko kwabo bai kamata ka bari ba. Masu gidajen nan ba su san komai ba sai ƙarin haya duk shekara.

Hajiya_Mai_Gidaje: Zee, a yi mana adalci 'yata. Gidajen haya uku marigayi ya bar mini da marayu, kuma kalmar nan ta "gyara ma yi lissafi" ta taɓa cin kuɗin makarantar ɗana. Wani ɗan haya ya ce famfon banɗaki na zuba, na ce ya gyara. A raina roba ce za a canza. Sai ga shi da lissafin tayil da sabon masai na zama. Abban Ikram, ina tambayarka tsakani da Allah: da ka ga aikin ya wuce faci ya koma sauya kwano, ka sake kiran Alhaji?

Abban_Ikram: Ban kira ba Hajiya. Raina a ɓace yake, a tunanina mutumin da ya yi biris da ni sau uku ba shi da bakin magana. Kuma hadari na haɗuwa kullum, kafinta ya riga ya yaye rufin.

Hajiya_Mai_Gidaje: To ka ga inda gizo ke saƙar. Shi yana jiran lissafin dubu 30, kai ka kai masa na wajen rabin hayar shekara.

Injiniya_Sadiq: Bari in tambayi abin da ya fi damuna. Gidan mai rawani ne, wato bango ya zagaye kwanon ya ɓoye shi? In haka ne, na ci amanar kaina idan daga tsakiyar kwano yoyon ya fara. Irin waɗannan gidajen, ruwan kwano yana gangarowa cikin wata kwata ta siminti da ke jikin rawanin, daga nan ya fita ta indararo. Ƙurar hunturu da leda da ganye su taru su toshe bakin indararon, ruwan farko ya zo ya rasa hanya, ya kwanta. Kwanciyar nan ita ke cin bakin kwano da tsatsa, ta jiƙa katakon da ke ƙarƙashi. Shekara biyu, uku, katako ya ruɓe, kusa ta saki. Mai ɗaki ba ya ganin komai sai ɗan tabo a kusurwar silin, alhali sama ta gama lalacewa. Yadda ake ganewa kuwa, a dubi inda tabon ya fara. Idan daga jikin bango ne ya bazu zuwa ciki, matsalar kwata ce. Idan ɗigo ne a tsakiyar ɗaki, huda ce ko kusa ta ɗaga. Siminti buhu biyu da ka lissafa ya sa na yi zargin kwatar aka sake.

Abban_Ikram: Kamar kana wurin Injiniya. Kwatar ta tsage tsawon kamu huɗu, kafinta ya sa yatsa a katakon ya nutse kamar burodi.

Dan_Gwale77: Ni shawarata ka tashi kawai. Gidaje sun yi yawa a Rijiyar Zaki, kar ka bari ya kai ka kotu.

Zee_Kurna: Dan Gwale ka karanta kuwa? An riga an yi sulhu, mutumin yana cikin gidansa.

Dan_Gwale77: Au, afuwan. Na ga dogon rubutu ne na tsallaka.

Baba_Sheka: Har yanzu ba ka faɗa mana daga ina kalmar sata ta fito ba. Mutum ba ya tashi haka kawai ya kira wanda ya zauna masa a gida shekara huɗu ɓarawo.

Abban_Ikram: To ga yadda aka yi. Da na tura ciko, Alhaji ya turo nasa kafintan ina wurin aiki. Ya kafa tsani ta gaba, ya leƙa, ya ƙirga sabon kwano falle 8. Ni kuma na rubuta 12. Rasit ɗin da ke hannuna na kwano ne kawai, sauran duk da baki aka yi. Sai Alhaji ya ce wanda ya ƙara falle huɗu a abin da ido ke gani, me zai yi a abin da ba a gani? Ya kuma ce masu ɗaura mini dish ne suka huda masa rufi. Ni kuma na ce masa azzalumi ne mai cin haya ba ya gyara. Ya aiko mini da takarda in tashi cikin wata ɗaya.

Ranar zaman, mai unguwa bai bari kowa ya yi dogon bayani ba. Ya ce a tashi a je a hau. Kafintansa da nawa da wani birkila da ba ruwansa da kowa suka hau tare. Aka ƙirga falle 10. Biyu suna ta bayan kicin, ba a hango su daga gaba. Biyu kuma babu su. Kafintana ya fara inda-inda, daga baya ya amsa cewa sun yi ragowa, ya haɗa da tsofaffin kwanon da aka cire ya tafi da su. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni ban sata ba, amma lissafin da na rantse a kansa ba daidai ba ne.

Hajiya_Mai_Gidaje: Tsohon kwanon ma ai na mai gida ne. Mutane ba sa kula da wannan. 'Yan gwangwan suna saye, wani kuma ya yi rumfar awaki da shi.

Kafinta_Na_Allah: A nan sai na kare sana'armu kaɗan. Da yawa in mun gama aiki mai aikin ne ke cewa a kwashe tarkacen nan. Amma sabon falle ba tarkace ba ne, wannan ya ci amana. Shi ya sa ni kafin in hau nake ƙirga kwano a gaban mai shi, in na sauko mu sake ƙirga abin da ya rage. Bandir falle 20 ne, ba wuyar lissafi. Kuma ku daina biyan kuɗin aiki duka kafin a yi ruwa ɗaya a kan rufin.

Abban_Ikram: Sauran bayanin bai ƙare ba. Birkilan ya nuna wa Alhaji katakon da aka cire, don Allah ya sa ban yar ba, yana jingine a bayan gida. Ya ce ruɓewar nan ta fi shekara huɗu, tun kafin in shigo take. Hudar dish kuma an same ta, guda biyu, amma a saman falo, nesa da inda ya rufta. Sai maganar sau uku da na yi ƙorafi. Alhaji ya rantse bai taɓa ji ba. Na buɗe waya na kunna saƙon murya da na tura wa dillali tun watan Yuni, ga alamar ya saurara. Aka kira shi a waya a gaban kowa, ya ce ya sha'afa. Alhaji ya yi shiru ya fi minti biyu. Ashe shi a saninsa, ban taɓa cewa komai ba sai ranar da na tashe shi da asuba, bayan wata uku kuma na yanke masa haya.

Dillali_Mai_Gaskiya: Na san za a zo kanmu. Ba na kare wanda ya ɓoye saƙo, amma ku san wani abu. Akwai masu gidan da in ka kai musu maganar gyara sau biyu, sai su karɓe gidan su ba wani dillalin da ba ya damunsu. La'adarmu a kan kuɗin haya take, babu ko sisi a kan gyara. To wa zai so ya zama mai kawo mugun labari kullum? Ni abin da nake yi, ranar da aka ba da makulli nake haɗa mai gida da ɗan haya su karɓi lambar juna.

Zee_Kurna: Wato kun san da matsalar kuna shiru. Allah ya shirya.

Umar_Lauya: Akwai abu biyu da nake so in gyara, don na ga ana ta cewa "ai shi ya ce ka gyara". Na ɗaya, cire kuɗin gyara daga haya da kanka, ba tare da an amince da adadi ba, hanya ce mai haɗari. A takarda kai ne ka biya haya ba cikakke ba, shi kuma abin da zai nuna wa alƙali ke nan. Kai kuma sai ka tabbatar da izinin da aka ba ka ta waya, da kowace naira da ka kashe, ga rasit ɗaya tal. Dokar haya ta Legas ta 2011, misali, ta fito fili cewa ɗan hayan da zai nemi diyyar abin da ya inganta a gida sai in ya samu izinin mai gida a rubuce tun kafin ya yi. Kowace jiha da tata dokar, amma ko'ina alƙali hujja yake nema. Na biyu, takardar wata ɗaya da ya ba ka. In ba ku rubuta wani wa'adi daban ba, mai hayar shekara notis ɗin wata shida ake ba shi, mai hayar wata kuma wata ɗaya. Bayan ya ƙare a ƙara na kwana bakwai, sannan a je kotu. Ko a lokacin, kotu ce ke fitar da mutum. Mai gida ba shi da ikon sa kwaɗo ko yaye rufi ko watso kaya waje.

Dan_Gwale77: To ashe duk mai hayar shekara yana da wata shida kyauta. Bari in gaya wa namu mai gidan.

Umar_Lauya: A'a, kar ka ja wa kanka. Ba kyauta ba ne, za ka biya kuɗin duk kwanan da ka zauna. Kuma idan takardarku ta ce haya ta shekara ɗaya ce daga rana kaza zuwa rana kaza, ranar da ta cika ta ƙare da kanta, na kwana bakwai kawai ya rage. Je ka karanta abin da ka sa wa hannu tukuna.

Malam_Habu_Zariya: Ta fuskar fiƙihu ma akwai abin da zai ba wasu mamaki. A Muhtasar na Shehu Halil, mai gida ba a tilasta masa gyara. Abin da aka ba ɗan haya shi ne zaɓi: idan lalacewar mai cutarwa ce, kuma yoyon rufi na cikin misalan da aka kawo, yana iya warware hayar ya fita. In kuma ya zaɓi ya zauna a haka, kuɗin haya na kansa. An kuma halatta a yi sharaɗi tun farko cewa za a yi gyara daga cikin kuɗin hayar da ya wajaba. To a mas'alar Abban Ikram, abin da ya cece shi shi ne izinin da Alhaji ya bayar da bakinsa kuma bai musa ba. Saɓanin a kan iyakar izinin ne, irin wannan kuwa al'adar gari da masu sana'a ake komawa gare su, kamar yadda mai unguwa ya yi. Fenti dai da wuya a ce ya shiga cikin "gyara yoyo". Kuma da an bi aya ta 282 a Baƙara an rubuta, da ba a kai ƙofar masallaci ba.

Zee_Kurna: Malam, a ce mutum ya biya hayar shekara gaba ɗaya, ruwa na zuba a kan 'ya'yansa, sai a ce zaɓinsa ya fita? Ya fita ya je ina a tsakiyar damina? Kuma wa zai dawo masa da kuɗinsa a ranar?

Malam_Habu_Zariya: In ya fita, kuɗin watannin da bai zauna ba haƙƙinsa ne a mayar masa. Amma na yarda da ke cewa karɓo su a aikace wani aiki ne. Ni na faɗi abin da ke cikin littafi, ban ce mai gidan da ya bar yara cikin ruwa ya kyauta ba.

Fati_Kumasi: Ku kuna kukan shekara ɗaya. Mu nan Kumasi sai a ce ka kawo na shekara biyu a dunƙule, alhali dokar haya ta 1963 wata shida ta ce. In ka biya shekara biyu, da me za ka ja mai gida ya gyara? Kuɗin ya riga ya shige. Yayata a Zongo da kanta ta sake ƙofa da wayar wuta, da ta tashi fita aka ce ai ba wanda ya sa ta.

Baba_Sheka: Mu koma kan tambayar yaron nan. Yaya aka yi 186 ta zama 140?

Abban_Ikram: Alhaji ya ɗauki kwano falle 10, dubu 55, da katako da kusa da siminti da kuɗin aiki gaba ɗaya, ya kama dubu 149. Fenti aka ce nawa ne tunda ban tambaya ba. Falle biyun da suka ɓata, dubu 11, aka ce ni na kawo kafintan, ni zan bi shi. Sai aka cire dubu 9 na tsohon kwano da facin hudar dish. Saura 140. Alhaji ya ce ba zai iya a shekara ɗaya ba, da hayar nan yake biya wa 'yarsa makaranta. Aka raba biyu: na cika masa abin da na riƙe ya zama na biya dubu 380, shekara mai zuwa ma 380, kuma ba ƙarin haya a cikin shekara biyun. Aka yaga notis. Muka rubuta takarda, shaidu biyu suka sa hannu: duk gyaran da ya wuce dubu 20 sai na tura masa hoto da ƙiyasi a wayarsa kai tsaye ya amsa. Idan abin gaggawa ne kamar ruwa ko wuta, bai amsa ba cikin kwana uku, in yi, in ajiye rasit da abin da aka cire. Share indararo kafin damina kuma aka ɗora mini.

Ni abin da ya sa na sa hannu ba lissafin ba ne. Mai unguwa ya ce wa Alhaji, "A inda ka faɗa, a nan za ka janye." Bayan sallar isha'i, a ƙofar masallacin nan, dattijo mai furfura ya ce wa jama'a ya zarge ni da abin da ban yi ba, in yafe masa. Ni ma na nemi afuwar kalmar azzalumi.

Hajiya_Mai_Gidaje: To wace cuta kuma abokanka suke magana? Shekara biyu ba ƙari, a wannan zamanin? Ka lissafa abin da sabon gida zai ci: la'adar dillali, kuɗin mota, fenti, sauya wa yara makaranta.

Zee_Kurna: Ni har yanzu katifar ce ta tsaya mini. Sakacin wakilinsa ne ya jawo silin ya faɗo. Wa ya biya katifa? Kuma kuɗin da ya kashe a Agusta, rabinsa sai bayan fiye da shekara zai dawo, lokacin buhun siminti ya canza farashi.

Umar_Lauya: Zee tana da magana a nan. Saƙon da aka ba wakilin da mai gida ya naɗa, ana iya cewa an ba mai gida ne. Da an je kotu da an ja wannan. Sai dai da an je, da falle biyun nan ma sun zama abin da lauyan Alhaji zai yi ta juyawa.

Abban_Ikram: Na tayar da maganar katifa a zaman. Alhaji ya ce dillali ya biya, dillali ya kashe waya. Na bar ta. Alhaji dai ya karɓe gidajensa daga hannunsa, yanzu ɗansa ke karɓar haya.

Injiniya_Sadiq: Tunda share indararo ya dawo kanka, kar ka jira ruwan farko. Cikin Afrilu ka sa a hau a kwashe ƙasar, sannan a zuba bokiti biyu a kwatar ka tsaya a ƙasa ka gani. In ruwan ya fito da ƙarfi nan take, lafiya. In ya yi jinkiri ko ya fito da kaɗan-kaɗan, akwai inda yake kwanciya. Kuma ɗaya ɓangaren kwatar, na saman ɗakinku, shekarunsu ɗaya da wanda ya tsage. An duba shi?

Abban_Ikram: Ba a duba ba wallahi. Gobe zan ɗauki hoto in tura wa Alhaji.

Kafinta_Na_Allah: Falle biyun fa, ya dawo da su?

Abban_Ikram: Ya kawo ɗaya. Ɗayan wai ya rufa wa surukarsa kejin kaji, in ba shi zuwa bayan salla.